Abin da aka tattaro kan labarin yarinyar Jos mai bidiyon girki

Labarin wata yarinya ce da ta saka bidiyon girki a YouTube bai samu masu kallo ba, sai da ta sauya masa take.

1. Galibin waɗanda suka tattauna labarin sun yarda dogon taken da ta cusa wa "masa, waina, girki, Jos, Hausa, abinci" ne ya kashe bidiyon. A waya YouTube na datse take, mai kallo ya ga tarkacen kalmomi kawai ya wuce.

2. Waɗanda suka danna ma suna fita cikin daƙiƙa kaɗan, don ba su san abin da za su tarar ba. Da ta sauya taken zuwa "Dalilin da masata ke manne wa tanda", masu wannan matsalar suka zo, suka kalla har ƙarshe. Ni nan ya fi burge ni.

3. An rabu kan kalmomin nema, wato kalmomin da mutane ke rubutawa in suna neman bidiyo. Wasu sun ce a watsar, wasu suka ce a bar ɗaya a farkon take, sauran su koma cikin bayanin bidiyo.