"Bas" ɗin ekuter da bafil, me za mu ce mashi da Hausa?

Malam Issufu, Birni: Salamu alaikum jama'a. Ina koya ma yara biyu haɗa sauti, kuma kullum sai na ce masu "bas", su kuma su ɗauka ƙara nake nufi su murɗa bolim har ƙarshe. Bas ba ƙara ba ce, sautin ƙasa ne, daga Hz 20 zuwa wajen 250, wato karkarwar sauti sau 20 zuwa 250 a sakan guda, irin na tambarin gidan Sarki da kake ji a ƙirji kafin kunne. Algaita kuwa can sama take. Ni dai na kawo KAURI, tunda dama muna cewa kaurin murya da siririyar murya. Me kuka gani?

Habsatu: Wa alaikumus salam Malam. Ni rugugi ya fi kwanta mani, don abinda ake ji kenan in an kunna manyan bafil wurin biki

Malam Issufu: Hajiya rugugin naki na nan amma ƙasan ƙasa ne kawai, Hz 60 zuwa ƙasa. Muryar namiji babba tushenta na wajen 85 zuwa 180, cikin bas take, kuma ba wanda zai ce mai wa'azi na rugugi. Sai dai mu bar ma wancan yankin rugugi, sauran duka kauri.

Sani mai caji, Zango: To malam ni matsalata daban, na sayi ekuter jikka uku a kasuwar Dole a kwalin an rubuta `20Hz-20kHz` mai shagon ya ce bas ɗinshi ba na wasa ba ne amma da na sa sai shiii shiii kamar rediyon da batir ya mutu, maida mashi zan yi ko ko?

Malam Issufu: Dakata ƙanena kar ka maida tukuna. Irin mai roba a baki ne? In shi ne, sa kiɗa mai ganga ka danna su cikin kunne da yatsa a hankali. In kaurin ya dawo kana dannawa ya gudu kana saki, to robar ce ta yi maka kaɗan iska na fita, shi kuma ƙaramin ekuter ba ya iya fidda kauri sai ramin kunne ya toshe ruf. Duba kwalin, galibi akwai roba girma uku, sa babbar. Wani ma kunnenshi na dama da na hagu ba girma ɗaya ba.

Wannan lambar ta kwali kuwa iyakar jin ɗan adam ce kawai suka kwafa, kusan kowane kwali haka zaka gani. Ba ta faɗa maka da wane ƙarfi Hz 40 ke fitowa ba, yana iya fitowa amma can ƙasa-ƙasa yadda ba ka ji. In ba su ƙara wani abu kamar `±3dB` a gefe ba kar ta ruɗe ka. To wannan shi ne `bass response` da kuke gani a rubuce, yadda na'urar ke fidda kaurin, har ina take sauka kuma da wane ƙarfi. Shi ne ma na rasa ma suna, "amsar kauri" ba ta shiga kunne sam.

Lawali: Ai duk wannan dogon zance ne yaya, girman bafil shine bas. Ka sayi babba ka kunna `Bass Boost` shikenan

Malam Issufu: Rabinta gaskiya ce Lawali, sautin ƙasa na son a tura iska da yawa shi ya sa lasifikar waya ba ta iya shi ko ka yi yaya. Amma yawan kauri daban kyanshi daban. Ƙananan bafil ɗin bulutut masu araha ba sa sauka ƙasa sosai, sai a kumbura masu wajen 100 zuwa 200 don ka ji dum dum a shago ka biya, ka je gida murya ta nutse, ganga biyu su zama ɗaya. Kuma in ka jingina shi a kusurwar ɗaki abin ƙaruwa yake, jawo shi gaba kamu biyu ka ji bambanci. Mai jikka biyar da ke son saurare na natsuwa, ekuter mai waya ya fi mashi bafil nesa ba kusa ba, ba batir ba bulutut da za su cinye kuɗin.

Sani mai caji: Allah ya saka malam!! babbar robar na sa, ya dawo wallahi. Sai dai yanzu kamar ya yi yawa muryar ta ɗan dushe

Malam Issufu: Madalla. Shiga ikwalaiza, wurin daidaita sauti a waya, wayoyi da yawa layi biyar ne, 60, 230, 910 da sauran biyu na sama. Sauke 230 kaɗan, kar ka taɓa 60. In da ka kunna abin Lawali kashe shi.

Habsatu: Na yarda da kauri Malam. Wancan ɗayan kuma me zai hana a ce "fitar kauri"? Fitar kaurinshi da kyau, fitar kaurinshi ba tsabta

Lawali: Ni fa kauri na tuna mani ƙaurin tuwo in an rubuta ba lanƙwasa. Kuma duk Dole bas ake cewa, wa zai gane ka

Malam Issufu: A kasuwa ka ce bas ɗinka ba laifi, ni yara nake so su gane abinda suke murɗawa. Fitar kauri zan gwada masu gobe in sha Allah. Saura tsakiya, inda yawancin murya take, wa ke da kalma?