Golana ya manne a layi, ƙwallo kuma tana zame masa: ku ba ni shawara

Nura: Assalamu alaikum. Ina horar da yara 'yan ƙasa da shekara 13 a wani filin firamare a Zariya. Golana shekararsa 12, ba shi da tsoro ko kaɗan, amma a wasa uku an zura mana ƙwallo bakwai, huɗu daga ciki ta gefen turken da ke kusa da mai bugu. Yana manne wa layi, ƙwallo tana zame masa daga hannu, idan kuma ya kama sai ya narka ta sama ta dawo wa abokan karawa. Ni ɗan baya na buga, ban taɓa tsaron raga ba. Ƙwallo biyu gare mu, filin kuma tsandauri ne. Daga ina zan fara?

Koci Ɗanjuma: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka fara da wurin tsayuwa, don ƙwallaye huɗun nan ba laifin hannu ba ne, ƙafa ce ba ta kai shi inda ya kamata ba. Ka samo igiya biyu irin ta shanya, kowace kamar mita 20. Ka ɗaure ɗaya a gindin turken dama, ɗaya a na hagu, ka sa wani yaro ya riƙe bakinsu biyu a wurin da ka ajiye ƙwallo, ya ja su miƙe. Duk ƙwallon da za ta shiga raga dole ta bi tsakanin igiyoyin nan. Aikin golanka ya tsaya inda nisansa da igiyar dama ya yi daidai da nisansa da ta hagu. Yaro yana ganin wannan da idonsa ya fahimci abin da za ka shekara kana faɗa masa da baki.

Ga lissafin. Faɗin babbar raga mita 7.32 ne. Idan ƙwallo tana kan ɗigon fenareti, wato mita 11, yaro kuma yana kan layi, kowane gefe akwai mita 3.66 da zai tsare. Idan ya fito mita 3, ratar da ke tsakanin igiyoyin ta koma kamar mita 5.3, kowane gefe ya ragu da mita guda cur. Mita guda a wurin ɗan shekara 12 shi ne bambancin taɓa ƙwallo da kallon ta tana wucewa.

Daga nan sai mai riƙe igiya ya riƙa zagayawa da ƙwallon a hankali, daga tsakiya zuwa gefe. Golan ya bi shi da gajeren taku, ƙafa ba ta haura ƙafa, ƙirji yana fuskantar ƙwallo. Duk inda ka ce "tsaya", ya tsaya, ya miƙa hannu biyu, ku duba tare ko igiya ɗaya ta fi kusa da shi. Za ka ga abin da ke cin ku: idan ƙwallo ta koma gefe, shi yana nan tsakiyar raga, igiyar turken kusa ta yi masa nisa. Ku yi wuri biyar, sau uku kowane wuri, sannan a kwance igiya a buga masa ƙwallo daga wuraren nan. Minti goma ya isa. Bayan sati biyu ka juya tsarin: ya fara tsayuwa da kansa, sannan a ja igiya a ga ko ya dace.

Abu ɗaya da zan roƙe ka: kada ka bari ya kasance cikin tafiya lokacin da ake bugu. Da mai bugu ya sunkuyar da kai ya ɗaga ƙafa, gola ya tsaya cak, ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, nauyin jiki a gaban tafin ƙafa, hannuwa a gaba. Gwamma ya tsaya a wurin da bai cika daidai ba da a buga yana cikin gudu.

Abba Sabon Gari: Gaskiya Koci ya faɗa. Ni dai a ganina ka sa shi ya riƙa fitowa sosai, har kusan ɗigon fenareti. Da gola ya fito raga ta ƙanƙance, shi ke nan. Kuma ya ja layi da takalmi daga tsakiyar raga zuwa gaba don ya san inda yake. Haka muke yi a unguwarmu.

Koci Ɗanjuma: Abba, rabin maganarka daidai ne. Igiya tana nuna faɗi, ba ta nuna sama. Tsayin raga mita 2.44 ne, yaron nan ko a kan layi da ƙyar zai taɓo ƙarfen sama, to ina ga ya yi nisa? Ɗaga masa za a yi. Idan ƙwallo tana bakin yadi 18 kuma mai ita yana da sararin bugu, taku biyu ko uku daga layi ya ishe shi. Fita sosai sai in ɗan gaba ya tsere shi kaɗai, kuma ya tura ƙwallo ta yi nisa da ƙafarsa. Shi kuma jan layi, a tirenin babu laifi, amma a wasa dokar ƙwallo ta ce a ba da katin gargaɗi ga wanda ya yi alamar da ba a amince ba a fili. Ka koya masa waiwayar turken kusa da kallon ɗigon fenareti, su ne alamominsa.

Malama Hadiza: Malam Nura, ina koyar da motsa jiki a makarantar 'yan mata, kuma matsalar zamewar ƙwallo na sha ta. Tambaya ta farko: wace lamba ce ƙwallonku? Idan lamba 5 ce ta manya, ta yi wa tafin ɗan shekara 12 girma, lamba 4 ta fi dacewa da shi. Idan ba halin saye, kada a cika mata iska har ta zama dutse.

Sannan ka kalli hannunsa da kyau. Yawancin yara suna tafa ƙwallo ne daga gefe biyu kamar masu kama sauro, babu komai a bayanta, sai ta ratsa. Ƙwallon da ta zo daga ƙirji zuwa sama, manyan yatsu biyu su kusan haɗuwa a bayanta, sauran yatsu a baje, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe a gaban jiki. Ka sa shi ya durƙusa, ka tsaya taku biyar, ka jefa masa saitin fuska sau ashirin. Ka saurara da kunne: kamu mai kyau sautinsa ɗaya ne, mai taushi. Idan ka ji "fas-fas" sau biyu, hannu ɗaya ya riga ɗaya, ko da tafi ya tare maimakon yatsu. Idan ya iya a durƙushe sai ya miƙe, sai ka koma bugawa da ƙafa a hankali. Wadda ta zo saitin ciki kuwa ba a kama ta da yatsu. Ya juya tafin hannu sama, ƙananan yatsu su kusanci juna, ta shigo ya rungume ta ya sunkuya a kanta.

Ta ƙasa, ni ina koya musu su sa gwiwa ɗaya a ƙasa kusa da dugadugin ɗaya ƙafar, don kada a bar ƙofa tsakanin ƙafafu.

Koci Ɗanjuma: Malama, na yarda da ke a komai sai gwiwar nan. A fili irin nasu ƙwallo tana cin karo da tsakuwa ta canza hanya a taku na ƙarshe, wanda ya riga ya kafa gwiwa kuma ba zai iya gyarawa ba. Na fi son ya tako ya tare ta, ya kwashe ta da hannu biyu ya faɗa gaba a kan damatsansa.

Malama Hadiza: A tsandauri, Koci? Sau biyar zai yi ya saɓule gwiwar hannu, gobe ya fara tsoron ƙasa. Ƙwallo mai gudu na yarda a faɗa mata, amma mai tafiya a hankali gwiwa ta fi aminci ga mai koyo. Malam Nura ya gwada duka biyun ya ga wadda ba ta kuɓuce wa yaronsa. Duk abin da ya shafi faɗuwa dai a nemi wuri mai yashi, a tsince duwatsu da kwalabe, ya sa dogon wando da riga mai dogon hannu, kuma ya sauka a gefen jiki, ba a kan ciki ko gwiwar hannu ba.

Sadiku: Ni ma ƙanena haka ya yi ta fama har muka sayo masa safar gola ta gwanjo, tun daga nan ya daina zubarwa. Ka nema masa mai kauri. Kuma ka riƙa buga masa fenareti kullum, ka ga yadda Nwabali ya tare biyu a wasanmu da Afirka ta Kudu a 2024.

Malama Hadiza: Safa tana rage zafi, Sadiku, yaro ya daina janye hannu, wataƙila abin da ya taimaki ƙanenka ke nan. Amma ba ta gyara yatsun da ba sa bayan ƙwallo. In za a saya, a ɗan jiƙa tafinta da ruwa kafin wasa, musamman da hunturu, don busasshiyar safa mai ƙura santsi take yi. Fenareti kuwa ba shi ne ke cin su Malam Nura ba.

Bala Mai Usur: Ni alƙalanci nake yi a wasannin yara, bari in taɓa batun narka ƙwallo. Yawancinsu tsoro ne, kowa yana ihu "cire! cire!", har da koci. Ka gaya masa yana da lokaci. A sabuwar dokar da ta fara aiki a 2025, gola yana da daƙiƙa 8 da ƙwallo a hannu, alƙali yana ƙirga biyar na ƙarshe da yatsu, idan ya wuce haka, bugun kusurwa ake ba abokan karawa. Daƙiƙa 8 ta isa ya miƙe, ya duba dama da hagu, ya zaɓa.

Koci Ɗanjuma: Madalla da Bala. Ga atisayen da zai haɗa maka duka. Ka yi ƙofa biyu da takalma, faɗin taku biyu kowace, ɗaya dama ɗaya hagu, kamar mita 12 daga raga, ka tsayar da ɗan baya a bayan kowace. Ka buga wa gola ƙwallo, yana kamawa wani yaro ya ruga ya toshe ƙofa ɗaya, shi kuma ya aika ta buɗaɗɗiyar. Ya gangara ta da hannu: ya tako da ƙafar da ke kishiyar hannun jifa, ya sunkuya sosai, ya saki ƙwallon dab da ƙasa. In ta yi tsalle-tsalle, ya sake ta tun yana tsaye ne. Idan ya ci takwas cikin goma, ka matsar da ƙofofin zuwa mita 20, ya koma jifa ta saman kafaɗa da miƙaƙƙen hannu, a auna ƙafar ɗan wasa, ba kansa ba. Kuma tunda kai ɗan baya ne, wannan ɓangaren naka ne: da gola ya kama, 'yan bayan gefe su buɗe zuwa layi su juyo suna kallonsa. Idan kowa ya ba shi baya ya ruga gaba, me zai yi in ba narkawa ba?

Nura: Allah ya saka da alheri, Koci, Malama, da kowa. Jiya mun ja igiya. Da ƙwallo ta koma gefen dama, taku biyu cur ya rage masa zuwa inda ya kamata, shi da kansa ya riƙe baki. Ƙwallonmu lamba 5 ce, zan nemi lamba 4. Saura abu ɗaya: gasar da za mu shiga wata mai zuwa a babbar raga ake buga ta, a filinmu kuwa ragar sanda ce mai faɗin taku biyar. In ci gaba da ita, ko in faɗaɗa ta tun yanzu?