Wane suna zan sa a afidabit, na kati ko wanda aka san ni da shi?

Ali Tela: Salamu alaikum jama'a. Zan kai ƙarar bashi, an ce in yi afidabit, wato takardar rantsuwa. Katina na shaida Aliyu Musa ne, amma yarjejeniyar da muka sa hannu Ali Tela aka rubuta. Wanne zan sa?

Maman Ummi: Sa wanda kowa ya sani mana, ai kai ne dai.

Malam Habu: Hajiya kar ki jefa shi rami. Haka na yi, na sa sunan da ake kirana da shi, mai ba da rantsuwa ya karɓi katina ya ga bai yi daidai ba ya miƙo min takardata, ni kuma da wayona na koma gefe na goge da biro na gyara, ashe duk gyaran da aka yi sai shi ya sa hannu a gefensa, ƙarshe sai da aka sake buga sabuwa na sake rantsuwa, ranar zaman ma ta wuce ni.

Anti Lauya: Aliyu, a sama sunan da ke katinka za ka sa, harafi da harafi, don shi ne hukuma ta sani. Sai ka biyo da "wanda kuma aka sani da Ali Tela". A ciki ka ware sakin layi guda ka ce sunayen biyu mutum ɗaya ne, tun yaushe ake kiranka haka, kuma kai ne ka sa hannu a yarjejeniyar. Ka haɗa kwafin kati da na yarjejeniyar a matsayin shaida. In ba ka ɗinke su ba, lauyan wancan zai ce Aliyu Musa ba ya bin kowa bashi.

Ɗan Gaye: Tela ne fa, ɗinki ba zai gagare shi ba 😂

Ali Tela: To eliyas fa? Na ga gurbinsa a fom.

Malam Habu: Bar shi fanko, wannan na ɓarayi ne, sunan bogi.

Anti Lauya: Ba dole ba Malam. Eliyas kawai wani suna ne da ka taɓa amfani da shi, ko mutane sun san ka da shi ko ba su sani ba. Ya yi ƙaurin suna ne don a takardun tuhuma aka fi ganinsa. In fom ya tambayi sauran sunaye ka rubuta, ɓoyewa bayan ka rantse shi ne matsalar.

Maman Ummi: Ni da na koma sunan mijina, afidabit ɗin nan ya isa?

Anti Lauya: Wannan canjin suna ne, hanyarsa daban kuma kowace ƙasa da tsarinta. Na Aliyu haɗa sunaye kawai yake yi, bai canja komai.

Malam Habu: Ni dai ban yarda a kira ni da eliyas ba.

Ali Tela: Anti, sa hannun fa? Na yarjejeniyar ya ɗan bambanta da na kati.