Taƙaitawa: abin da kwangilolin zaɓi ke faɗa kan motsin farashin zinariya

Ga abin da na tattaro daga muhawarar da aka yi kan adadin da ke nuna yawan motsin da ake tsammanin farashin zinariya zai yi.

1. Kowa ya yarda cewa daga kuɗin da ake biya wa kwangilar zaɓi, wato wadda ke ba mai ita damar saye ko sayarwa a kan farashin da aka tsayar ba tare da tilas ba, ake ciro wannan adadi. Girman motsin da kasuwa ke tsammani yake nunawa, bai faɗi ko sama za a yi ko ƙasa ba. Ma'aunin GVZ, wanda ke bayar da wannan adadi ga zinariya, na duba kwana 30 masu zuwa.

2. Adadin na shekara ne, kuma nan da yawa suka yi tuntuɓe. A ce oza tana dala 2,000, adadin kuma kashi 16 cikin ɗari. Raba shi da 16, lambar da ake mayar da adadin shekara zuwa na rana da ita, ka sami kashi 1 a rana, wato dala 20. Na wata kuwa, raba da 3.5: kusan dala 91. Wajen sau biyu cikin uku ake sa ran motsin ya tsaya cikin wannan iyaka.

3. An rabu kan amincin adadin. Wasu sun ce yakan zarce motsin da ake gani daga baya, domin masu sayar da kwangilar na ɗora ladan kasada. Wasu suka ce ranar da labari ya girgiza kasuwa, farashi kan tsallake iyakar nesa. A ganina duka biyun na faruwa.