Neman taimako kan mayar da katin zabe daga Argungu zuwa Birnin Kebbi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na yi rajistar zabe a Argungu kafin zaben 2019, yanzu kuwa aiki ya dawo da ni Birnin Kebbi. Na cike bukatar sauya rumfa a shafin INEC, na zabi sabuwar mazaba, har na fitar da takardar shaida.

Amma duk lokacin da na duba sunana a rajista, da jiha da ranar haihuwa, tsohuwar rumfata ta Argungu ke fitowa. Wani makwabcina ya ce in sake sabuwar rajista kawai, na ki, domin rajista biyu laifi ne.

Shin sai jami'in zabe na karamar hukuma ya amince kafin sunan ya koma? Kuma sabon katin, a ina zan karba, nan ko can? Tsohon yana hannuna.