Neman kalmar Hausa: FIFO da FEFO a sito da cikin littafin lissafi

Baffa Jidda: Salamu alaikum jama'a. A sitonmu na kayan abinci nan Jidda, manhajar da muke aiki da ita tana nuna `FIFO` da `FEFO` a wurin fitar da kaya. Larabawan da muke tare suna kiran `FIFO` "alwarid awwalan, sadir awwalan". Yaran da ke lodi galibinsu Hausawa ne, ina so in rubuta musu a allo da harshenmu. Na farkon na sa "farkon shiga, farkon fita". Na biyun ne ya ƙi zama a bakina. Wa ke da shawara?

Hajiya Talatu Makka: Wa alaikumus salam. Baffa ai duk abu ɗaya ne, tsohon kaya shi ake turawa gaba a kanta. Ka rubuta "tsoho gaba", kalma biyu, ko yaro ya haddace.

Baffa Jidda: Hajiya, da haka ne da na huta. Akwai madarar gari da ta shigo mana a watan Maris, wa'adinta sai Disamba. Wata ta shigo a Mayu daga wani dila da ta daɗe a hannunsa, wa'adinta Satumba. Idan yaro ya bi "tsoho gaba" zai kwashe ta Maris, ta Mayu ta zauna har ta lalace. `FEFO` ranar da ke jikin kwali yake dubawa, ba ruwansa da ranar da mota ta sauke.

Nura Madina: To a ce "farkon lalacewa, farkon fita", ya yi daidai da ɗan'uwansa.

Hajiya Talatu Makka: A'a Nura, kada mai saye ya ga "lalacewa" a allo ya ɗauka ruɓaɓɓe ake ba shi. Ku ce "gajeren wa'adi gaba".

Malam Sani Akanta: Ta Hajiya ta fi, ni ma ita zan zaɓa. Amma Baffa, tun kafin ka shafa fenti, ka san cewa `FIFO` aiki biyu yake yi. Akwai na hannu, wato wane kwali za a ɗauka. Akwai na littafi, wato wane kuɗin sari za a cire daga ciniki kafin a ce ga riba. Ba dole ne su tafi tare ba. Yaranka za su iya fitar da madarar Mayu, ni kuma a littafi in cire kuɗin sarin Maris, kuma babu laifi, tunda kwalayen iri ɗaya ne.

Bari in yi misali da madararka. A ce kwali 100 na Maris kun sara a riyal 200 kowanne, kwali 100 na Mayu a riyal 240. Kun sayar da 120 a riyal 280, ciniki ya kama 33,600. Idan na fara cire sarin farko, kwali 100 a 200 da kwali 20 a 240, kuɗin kayan da suka fita 24,800 ke nan, riba 8,800. Ragowar kwali 80 suna zaune a littafi a kan 19,200.

Idan kuwa na gauraya sarin biyu, kowane kwali ya tashi a 220. Kwali 120 sun ci 26,400, riba ta sauko 7,200, ragowar kuma 17,600. Kuɗin da ke aljihu bai canja ba, kwalayen da ke sito ma 80 ne ko ta yaya, amma riba ta bambanta da 1,600. Wannan 1,600 ba ta ɓata ba, tana kwance cikin ƙimar ragowar kayan. Ranar da aka sayar da duka 200 a wannan farashi, riba 12,000 ce ta kowace hanya. Rigimar ita ce a wace shekara za ta bayyana, kuma idan akwai mai jari da ake raba riba da shi a ƙarshen shekara, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Shawarata, na littafi a kira shi "lissafin sarin farko", ɗayan kuma "lissafin gauraye".

Nura Madina: Malam, ba "matsakaicin farashi" ake cewa ba? A haɗa 200 da 240 a raba biyu.

Malam Sani Akanta: A nan ya yi daidai ne kawai don sarin biyu yawansu ɗaya. Da kwali 150 ne a 200, 50 a 240, jimla 42,000 za a raba wa kwali 200, ya ba da 210. Shi ya sa nake gudun "matsakaici", yana sa mutum ya raba biyu ya manta da yawa.

Usman Maiwurno: Allah ya ƙara sani Malam. Ni abin da ya ci mu a Sudan ke nan kafin in ƙetaro. A Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar fam, dala daga 55 ta koma 375 a banki, kasuwa kuwa dama ta daɗe da yin gaba. Ni da abokin kasuwancina muna sayar da man girki, muna cire tsohon sari, littafi yana nuna riba mai kauri, muna rabawa. Da muka je sabon sari, kuɗin ba su ɗauko jarkokin da muka sayar ba. Uwar kuɗi muke ci da sunan riba. Me ya hana a riƙa cire sarin ƙarshe, a huta?

Malam Sani Akanta: Shi ne `LIFO`, "lissafin sarin ƙarshe". A misalin madarar, kwali 100 a 240 da 20 a 200 sun ci 28,000, riba 5,600 kacal. Amurka ta yarda da shi, amma ƙa'idar kaya ta duniya, `IAS 2`, ta hana. Saudiyya kuma ƙa'idojin duniya take bi, kamfanonin kasuwar hannun jari tun 2017, sauran tun 2018. Matsalar `LIFO`, ragowar kaya suna daskarewa a littafi kan farashin shekarun baya. Tsakaninka da abokinka kuwa, ba wanda ya hana ku ware kuɗin sabon sari kafin rabo.

Kuma Baffa, akwai inda wa'adi ke shigowa littafina. A ce yaranka sun bi "tsoho gaba", ragowar 80 duk na Mayu ne, Satumba ta matso, ba mai saye sai a riyal 180. Dole in sauke ƙimarsu daga 240 zuwa 180, asarar 4,800 nan take, fiye da rabin waccan riba ta 8,800. Alamar da nake dubawa: kaya suna fita kullum amma adadin kwalayen sari ɗaya ba ya raguwa.

Hajiya Talatu Makka: Malam, "sarin farko" ɗin nan zai rikita 'yan kasuwa. Mu sarin farko shi ne wanda mutum ya fara sana'a da shi. A ce "tsohon sari".

Usman Maiwurno: Idan sari uku ne a sito fa Hajiya, biyu duk tsofaffi ne.

Baffa Jidda: Na allo dai na samu: "farkon shiga, farkon fita" a ɓangaren omo da leda, "gajeren wa'adi gaba" a ɓangaren madara da mai. Na littafi ku ci gaba da ja. Malam Sani, manhajarmu tana sake gauraya farashi duk lokacin da sabon kaya ya shigo, ba a ƙarshen wata ba. Shi ma "gauraye" za a ce, ko yana bukatar nasa suna?