Jerin kalmomin Turanci da Hausa daga shafukan PowerPoint: yaya kuka yi naku?

Maman Amira: Assalamu alaikum. An ba ni shafuka 42 na PowerPoint da za a horar da ma'aikatan lafiya na karkara kan maganin antibayotik, aka ce in tsamo kalmomin fannin, in jera ma'anarsu da Hausa a gefe. Na kwashe rubutun ta Outline View zuwa Excel, na samu kalmomi 55, amma ranar gwaji sai ga wasu 17 da ba su cikin jerina. Ina na yi kuskure?

Tafinta: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni ma na faɗa wannan ramin. Outline View kanun shafi da babban rubutu kawai yake nunawa. Abin da ke cikin jadawali, ko akwatin da aka ƙara da hannu, ko jikin hoto, ba ya fitowa, don haka dole ki bi shafi bayan shafi da ido. Yanzu ginshiƙi huɗu nake yi: kalmar, lambar shafi, jimlar da ta zo a ciki, sannan Hausar. Na ukun ne ya cece ni a kan "resistance", wadda da farko na fassara da "jiki ya saba da magani", alhali jimlar tana nufin ƙwayar cutar ce ta daina jin magani, ba majiyyacin ba. Da na bar ta haka, da na koyar da akasin darasin.

Malamin Sakandare: Me zai hana ki ɗauki ƙamus ɗin Bargery ki huta? Da shi na yi wa ɗalibaina jerin kalmomin noma.

Tafinta: Malam, a noma zai yi amfani ƙwarai, amma an buga shi ne a 1934, kafin antibayotik ya shiga asibitoci, kuma akasarinsa daga Hausa zuwa Turanci ne.

Ɗan Damagaram: Tawa matsalar ta rubutu ce. Na adana aikina a matsayin CSV, da na sake buɗewa sai ƙ da ɗ da ɓ duk suka koma alamar tambaya. Sai da na zaɓi CSV UTF-8 daga asalin fayil ɗin suka tsira. Ki kuma tsai da shawara tun farko tsakanin 'y da ƴ, domin mu a Nijar na biyun muke rubutawa.

Maman Amira: Na gode. Saura wadda ta fi damuna: "virus" da "bacteria" duka na sa musu "ƙwayar cuta", sai shafi na 9 ya koma yana cewa maganin yana kashe ƙwayar cuta amma ba ya kashe ƙwayar cuta.

Tafinta: Ni "bairos" da "bakteriya" na rubuta, kowace da misali, mura ga ta farko, taifot ga ta biyu.

Ɗan Damagaram: Misalan sun yi, amma a wajenmu da lafazin Faransanci ma'aikata suka san kalmar, kuma ina shakkar za su gane "bairos" idan sun gan ta a takarda.